E471, jalatin da turaren kek: yadda ake gane asalinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin kek na sayarwa a Jekadafari, Gombe. An turo mini saƙo wai duk abin da ke da E471 kitsen alade ne, ga shi kuwa a jikin botar da nake aiki da ita. Alawar da nake ƙawata kek kuma tana da jalatin. In zubar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki zubar da botar tukuna. Lambar E471 sunan sinadari take faɗa, ba ta faɗin inda aka samo shi. Aikinsa haɗa mai da ruwa don kada su rabu, kuma ana yin sa daga man ja, man waken soya ko kitsen dabba. Da ido ko da harshe ba mai iya rarrabewa.

Juya robar ki duba kusa da lambar. In an rubuta "vegetable origin" ko "suitable for vegetarians", daga tsiro ne, magana ta ƙare. Kayan Indiya kuma ɗigo kore suke sawa a cikin koren murabba'i. In babu ko ɗaya, nemi tambarin halal mai ɗauke da sunan hukumar da ta bayar, kamar JAKIM ta Malesiya. Lambar NAFDAC rajista ce ta inganci da lafiya, ba shaidar halal ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Alawar ce ta fi damuna. Jalatin ba ya fitowa daga tsiro sam. Daga fata da ƙashi ake dafo shi, kuma a Turai fatar alade ce babban tushensa. Idan "gelatine" kawai aka rubuta, ba bayani ba tambari, ajiye ta. Na kifi ba shi da matsala. Na saniya kuwa da sauran tambaya, domin sai an yanka ta yadda shari'a ta ce. Akwai malaman da ke ganin sarrafawar ta canza asalinsa, amma hukumomin halal ba sa karɓar na alade, ke kuma jama'a kike ciyarwa. Nemi alawar da aka daskarar da fektin, wato E440, wanda ake samu daga ɓawon lemo da tuffa.

Tunda kek kike yi, duba kwalbar banilarki ma. Wadda aka rubuta "pure vanilla extract" a dokar Amurka sai ta kai kashi 35 cikin ɗari na sinadarin barasa, kuma gashi ba ya ƙone shi duka. Malamai sun saɓa kan ɗan abin da ke saura in ba daga giya aka samo shi ba. Ni dai garin banila nake ba masu sana'a shawara, ko na ruwa wanda aka narkar a E1520, wato sinadarin propylene glycol, maimakon barasa, cokalin shayi ɗaya ya ishi kwaɓin rabin kilo na fulawa.