Yadda muke rubuta girbin kowace gona a ƙungiyarmu

"Assalamu alaikum. An naɗa ni sakataren ƙungiyar manoman shinkafa, mu 46 ne. Shugabanni suna so in tsara littafin da zai nuna abin da kowace gona ta bayar, mu riƙa kwatanta bana da bara. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Allah ya taya riƙo. Shekara shida na yi da irin wannan littafi a ƙungiyarmu da ke wajen Kura, kuma rubutun shekarar farko bai amfane mu ba, domin sunan mutum da yawan buhunansa kawai na riƙa rubutawa.

Ka fara da ba kowace gona lamba. Gona takan sauya hannu ta haya ko jingina ko rabon gado, wani kuma gonaki uku gare shi yana haɗa amfaninsu a masussuka ɗaya. In da suna ka rubuta, baɗi ba ka da abin kwatantawa. Ka ware littafi guda na gonaki kawai: lamba, wurin da take, girmanta da wanda ke nomanta a wannan lokaci. Girman kuwa a auna shi, ko da waya ce a zagaya kan iyaka. Kada ka karɓi "ai ta kai eka ɗaya" da baki, ni na sha auna irin wannan ekar na tarar ba ta kai ba. In an raba gona mai lamba G14 gida biyu, su zama G14A da G14B.

Littafi na biyu na girbi ne, kowane awo da layinsa: lambar gona, lokaci (misali damina 2023), rana, yawan buhu, kilo, da danshi. Wanda ya yi girbi sau biyu, layi biyu ke nan. A rubuta kafin a fitar da zakka, kafin a sallami masu yanka da masu bugu da shanshera, kafin a kai na gida. Duk wannan gonar ce ta bayar da shi, amma in ka tambayi manomi bayan sati biyu, abin da ya rage a ɗaki zai faɗa maka.

Maganar danshi ita ce na fi so ka riƙe, domin buhu ba ma'auni ba ne. Wani ya cika ya ɗinke da kyar, wani ya bar baki, kuma ɗanyar shanshera ruwa ne ke ƙara mata nauyi. Mu mukan mayar da kowane awo zuwa danshi kashi 14 cikin ɗari, wato matakin da ake busar da ita don ajiya. Ga abin da ya faru da G14, mai girman hekta 0.4. A damina 2022 ta ba da buhu 22, kilo 1,584, a bushe sarai, wato kilo 3,960 a hekta. A damina 2023 mai gonar ya zo yana murna da buhu 24, sikeli ya nuna kilo 1,800. Sai dai ya yi saurin ɗurawa, na'urar gwaji ta nuna danshi 22. Muka ninka 1,800 da 78, wato 100 a cire 22, muka raba da 86, wato 100 a cire 14, ya dawo kilo 1,633, kusan 4,080 a hekta. Ƙarin da yake gani kashi 9 ne a lissafin buhu, na gaskiya kuwa kashi 3 ne. Da mun bi buhu, da mun ce sabon irin da ya shuka ne ya yi abin mamaki, mu sa kowa ya saya.

In ba ku da na'urar, ku yi doka ɗaya: ba a awo sai an shanya ta bushe, a buɗe gurbi a rubuta "busasshiya" ko "ɗanya". Ɗanyar kada ta shiga kwatance.

In kana da Excel, ka jera ginshiƙan nan shida daga A zuwa F, G ya zama busasshen kilo. Ga lissafi biyu: na farko ka sa shi a G2 ka ja shi ƙasa, na biyu kuwa ka sa shi a wani ginshiƙi daban, zai haɗa maka jimillar gona guda:

```
=E2*(100-F2)/86
=SUMIFS(G:G,A:A,"G14",B:B,"damina 2023")
```

Ka lura, in ka rubuta "damina 2023" yau, gobe ka rubuta "damuna 23", jimillar za ta tsallake layin ba tare da ta nuna kuskure ba. Ni nakan haɗa jimillar gonaki in gwada da jimillar ginshiƙin G gaba ɗaya, in sun saɓa na san akwai layin da ya kuɓuce.

Wajen kwatance, damina da damina, rani da rani, kuma gonakin da aka noma a lokutan biyu kaɗai. Gonar da ambaliya ta cinye, a rubuta mata sifili tare da dalili. In ka bar gurbinta fanko, matsakaicin ƙungiya zai hau a shekarar da mutane suka yi asara. Wadda ba a shuka ba kuwa a rubuta "ba a noma ba", a cire girmanta daga lissafi. Matsakaicin ma ka fitar da shi ta raba jimillar kilo da jimillar hekta, don kada ƙaramar gona ta yi nauyi ɗaya da babba.

Ranar awo ka sa mai gona ya sa hannu ko ya dangwala a layinsa, ka yaga masa kwafi ya tafi da shi. Ranar rabon taki ko biyan bashi za a nemi takardar.