An kore ni a Birmingham ba notis, wace ƙara zan shigar?

Tambaya: Salam. Shekara 4 ina aiki a wani sito a Birmingham, kaya suka ɓace aka ce ni ne, ran nan manaja ya sallame ni ko notis babu. Wani ya ce in kai ƙarar korar rashin adalci, wani ya ce ta karya kwantiragi. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ɗaya ba ne, kuma kana iya haɗa su biyun a fom ɗaya, ET1, gaban kotun ma'aikata.

Ta rashin adalci daga dokar haƙƙin ma'aikata ta Birtaniya ta 1996 ta fito, shekarunka 4 kuwa sun isa ka shigar da ita. Amma fa a nan mutane ke shan mamaki, don alƙali ba zai zauna yana binciken ko ka ɗauki kayan ba. Kamfanin yake dubawa. Shin da gaske sun yarda kai ne, suna da dalilin da mai hankali zai kama, kuma sun yi bincike daidai gwargwado kafin su yanke? Tun shari'ar Burchell ta 1978 haka ake aunawa. Sun duba kyamara, sun tambayi sauran 'yan shif ɗin, sun nuna maka hujja ka kare kanka, sun ba ka damar ɗaukaka ƙara? In sun yi duk wannan, kana iya zama mai gaskiya tas amma ka faɗi, abin da ciwo amma haka dokar take. In kuma ba su yi ba, to kana iya cin ƙarar, sai dai alƙali na iya rage diyyar in ya ga ko an bi ƙa'ida korar ka za a yi.

Ta karya kwantiragi kuwa maganar notis ce kawai, kuma a nan ne zargi ba ya wadatar da su. Sai sun gamsar da alƙali cewa ka aikata babban laifin da ya halatta kora nan take. In sun kasa, su biya. Doka ta ce aƙalla sati ɗaya kan kowace cikakkiyar shekara, iyaka sati 12, to kai sati 4 ke nan, in albashinka fam 500 ne a sati ka ga wajen fam 2,000, sai in kwantiraginka ya ba ka notis mai tsawo. Kuɗin ba yawa, amma ni a irin kes ɗinka ba na barin ta, don in hujjarsu zato ce kawai ta fi sauƙin ci.

Kafin fom ɗin dole ka fara sanar da hukumar sulhu ta ACAS su ba ka satifiket, kuma don Allah kar ka bari wata 3 su cika daga ranar korar, jiran ɗaukaka ƙara a cikin kamfani ba ya tsayar da lissafin kwanakin.