Wane suna ya dace da cibiyar koyon sana'a a Zariya?

Tambaya: Malam, za mu buɗe wurin koya wa matasa gyaran waya da ɗinki da kodin na kwamfuta a Tudun Wada. Sunaye uku ne a gabanmu: Gidan Horon Matasa, Maƙerar Matasa, da Sana'a Goma. Wanne ya fi?

Na farkon ku ajiye shi gefe. Horo kalma ce mai fuska biyu, kuma fuskar da kunnen Bahaushe ya fi saurin kamawa ita ce ta ladabtarwa. Ana horon doki, ana horon yaron da ya gagara. Gaskiya ne 'yan jarida sun saba mana da "an horar da matasa ɗari", kuma aikatau ɗin ya zauna lafiya. Amma da zarar ka haɗa "gida" da "horo" ka kafa allo, uwar da ta zo wucewa za ta ɗauka wurin tsare kangararru ne. Babu yarinyar da za ta so a ce a unguwa kullum da safe gidan horo take zuwa.

Maƙera kuwa ta burge ni, domin wanda ya kawo ta ya san yadda Hausa take gina sunan wurin aiki. Ana ɗaukar aikatau a sa masa "ma" a gaba: jema ta ba da majema, rina ta ba da marina, saƙa ta ba da masaƙa, karanta ta ba da makaranta. Duk tsohon gari mai ganuwa irin Zazzau da irin waɗannan sunaye aka san sassansa, domin masu sana'a ɗaya wuri ɗaya suke zama. Sai dai akwai abin lura. A rubuce, maƙera wurin ƙira da maƙera mutanen da ke ƙira ba su da bambanci, karin sauti ne kaɗai ke raba su: sunan wuri duk gaɓoɓinsa a sama suke, na mutane kuwa gaɓar tsakiya faɗuwa take yi. Ku "Maƙerar" kuka rubuta, wannan "r" ta nuna wuri ake nufi, don haka kun tsira daga ruɗanin. Abin da ba ku tsira daga gare shi ba shi ne ma'ana. "Maƙerar Matasa" tana iya zama inda matasa ke ƙira, tana iya zama inda ake ƙera matasan kansu. Ta biyun kuke so, na sani, amma mai neman a gyara masa garma ta farkon zai ji. Kuma uban da ke son 'yarsa ta koyi ɗinki ba zai ga abin da ya haɗa ta da zuga-zugi ba.

Saura Sana'a Goma, kuma ita zan zaɓa. Rabin karin magana ce: sana'a goma maganin mai gasa. Wanda ke da hanyoyin nema da yawa, in abokin hamayya ya tare masa ɗaya sai ya bi wata. Amfanin yanko rabin karin magana shi ne mai ji yakan ƙarasa da kansa, abin da mutum ya ƙarasa da bakinsa kuwa ba ya saurin manta shi. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jama'a suka gajarta sunan zuwa Gaskiya, har yau in ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Gaskiya ba zai tambaye ka ina ne ba. Gwajin ke nan da nake so ku yi: ku tsaya a Ƙofar Doka ku faɗa wa ɗan acaɓa sunan sau ɗaya. In ya maimaita daidai, suna ya yi. In ya gutsure, to abin da ya rage a bakinsa shi ne ainihin sunanku, ko kun so ko kun ƙi.

Za a yi muku tsiya, a ce uku kuke koyarwa, ina sauran bakwai. Goma a nan ba ƙidaya ba ce, yawa take nufi, kuma hakan ya bar muku ƙofa in gobe kun ƙara gyaran sola ko aikin aski. Saboda haka kada ku cusa jerin sana'o'in cikin suna. Suna a sama da manyan haruffa, bayani a ƙasa: "Cibiyar koyon gyaran waya, ɗinki da rubuta manhaja". Bayani ana goge shi a sake, sunan da aka yi wa rajista kuwa sauya shi sai an koma hukuma. Kafin ku biya mai fenti ku nemi sunan a wurin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don in wani ya riga ku ko ya yi kama da nasa ba za a ba ku ba.

Tambaya: Malam, "Cibiyar Matasa" ko "Cibiyan Matasa"? Mun yi gardama da maigidana.

Hajiya, a rubutu "Cibiyar". Cibiya mace ce, tana ɗaukar "r". Amma kada ki ce wa maigida bai iya Hausa ba, Zazzaganci ya yi. Mu Zage-zagi mun daɗe muna cewa "rigan Audu" da "motan haya", shi ya sa rabin allunan garin nan "Unguwan" suka rubuta maimakon "Unguwar". Karin harshe ne, ba kuskure ba, kuma ina jin haushin masu yi masa dariya. Sai dai allo da takardar shaida da daidaitacciyar Hausa ake yin su, domin ɗalibinku zai kai takardar Kano ko Katsina. Abin da ba na yafewa shi ne gauraya: "Cibiyar" a layin sama, "sana'an hannu" a na ƙasa. Wannan ba Zazzaganci ba ne, sakaci ne.

Tambaya: Mun so "Ƙira da Ɗinki", amma adireshin intanet ya ƙi karɓar ƙ da ɗ.

Yawancin adireshin intanet da na shafukan sada zumunta haruffan Turanci kaɗai suke karɓa, don haka ku gwada kowane suna ba lanƙwasa tun kafin ku so shi. Naku zai koma `kiradadinki`. Ɗinki ba ya shan wahala, kowa zai gane. Ƙira kuwa ta zama kira, ga ku masu harkar waya, sai a zaci wurin buga waya ne. Sana'a ma tana rasa ɗauri ta koma `sanaa`, amma ba ta faɗa cikin wata kalma ba, asarar kaɗan ce.

Tambaya: Mene ne kodin da Hausa?

Rubuta manhaja. Manhaja daga Larabci take, da ma'anar tsarin karatu muka fara aro ta, yanzu ta ɗauki abin da ake sa wa waya da kwamfuta. A aji ku ce kodin, yaran haka suke faɗa. A allo ku rubuta abin da iyaye za su gane, su ke biyan kuɗin.

Tambaya: "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" zai yi taken cibiya?

Ga makarantar yara, i. Saurayi ɗan shekara 25 da ya zo koyon gyaran waya zai ji kamar kuna gaya masa ya makara.