Labarin aikin Hajji ya zo teburin edita: ya je ko ji ya yi?

"Maigida, wani ya aiko mana da labarin aikin Hajjinsa na 2024 don mu buga. Rubutun ya yi daɗi, amma ta yaya zan gane da ƙafarsa ya je?"

Ɗauko biro, ɗana, ka soke duk abin da kowa ya sani. Ganin Ka'aba da zubar hawaye, cunkoson ɗawafi, zafin Arfa, duk wannan ɗan Islamiyya ma zai rubuta maka daga ɗakinsa. Ragowar da ba ka soke ba ita za ka auna. In babu ragowa, ka fara sa ido.

Wanda ya je yakan tuna abin da ba shi da daraja: layin banɗaki a Mina kafin asuba, takalmin da ya ɓace a ƙofar Harami, wanda ya hana tanti barci da tari. Mai ƙirƙira yakan tsallake tsakanin wuri da wuri. Yanzu yana Arfa, sai ga shi a wurin jifa, babu jiran mota, babu tafiyar ƙafa.

Sannan ka gwada bayanin da wuri da shekara. Na leƙa takardar da ke hannunka, ya ce rana ta gasa masa kai tsakanin Safa da Marwa. Wurin nan a rufe yake, a cikin ginin masallaci, da na'urar sanyaya iska. Wannan babbar alama ce. Bai kuma ambaci katin Nusuk ba, wato katin shaidar da a 2024 aka wajabta wa alhazai. Wannan ƙaramar alama ce, don rashin faɗi ba ƙarya ba ne, kuma alhaji na gaskiya ma yakan rikita ranaku ko sunan ƙofa. Kada ka kama mutum da mantuwa.

Yanzu kira shi a waya. Kada ka tambayi abin da ke cikin rubutun, ya riga ya haddace shi. Tambaye shi abin da ya faru kafin nan da bayan nan, ka kuma jefa kuskure da gangan: "Alhaji, ya tantinku na Muzdalifa yake?" Wanda ya je zai katse ka, ya ce wane tanti, ai a fili muka kwana. Mai ƙarya zai bi ka, har ya siffanta maka tantin.

Dabarar tana da iyaka fa. Wanda ya yi Umra ya san Harami sarai, don haka kai tambayoyinka Mina da Muzdalifa. Wanda kuma ya zauna da kawunsa alhaji zai iya aro labarin har da layin banɗakin. Irin wannan sai ka nemi bizar Hajjinsa ta shekarar, ka duba sunan da ke jiki ya dace da na marubucin kafin labarin ya shiga shafi.