Yaya zan gane sanyin firji ya isa ajiye abinci?

"Firjina yana ta aiki, amma miya tana tsami bayan kwana biyu. Yaya zan gane ko sanyinsa ya isa?"

'Yar uwa, tafin hannu ba ya gane wannan, sai ma'aunin zafi na firji. Kada ki ɗauko na auna zazzaɓi, ba ya sauka ƙasa haka. Ki zuba ruwa a kofi, ki tsoma ma'aunin, ki ajiye a tsakiyar firjin ya kwana. Kada ki sa a ƙofa, can ne sanyi ya fi rauni. Da safe ki karanta da zarar kin buɗe. Amfanin ruwan shi ne yana nuna sanyin da abinci ke samu, iska kuwa da an buɗe ƙofa ta canja.

Ana so ki ga digiri 4 na Salshiyas ko ƙasa kaɗan. Nawa na taɓa samunsa a 9, ashe robar ƙofar ce ta saki. In naki ya haura 5, ki ƙara sanyin mataki ɗaya, ki sake aunawa washegari. Lambobin jikin maɓallin nan ba digiri ba ne fa.

In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai.