Na warke daga korona, yaushe zan yi allurar ƙari?

Tambaya: Korona ta kama ni a watan jiya, yanzu na samu sauƙi. Lokacin ƙarin allurar rigakafin korona ya riga ya yi. In je yanzu ne, ko in dakata?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya. Ga mai ƙoshin lafiya, wata uku shi ne ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ana iya kaiwa wata shida. Inda mutane ke kuskure shi ne wurin ƙirgen. Ba daga ranar warkewa ake farawa ba, daga ranar da alamun cutar suka fara ne. Wanda bai ji komai a jikinsa ba, sai ya ƙirga daga ranar da gwaji ya nuna yana da ita.

A ce zazzaɓi da tari sun fara maka ranar 3 ga Maris, aka gwada ka ranar 6, ka miƙe ranar 14. Wata ukunka zai cika ranar 3 ga Yuni ne. Sai ka kuma duba katinka, domin ana so a samu aƙalla wata biyu tsakanin allurarka ta ƙarshe da wannan, wasu ƙasashen ma wata uku suke nema. Ranar da ta fi nisa cikin biyun, ita za ka ɗauka.

Dalilin jiran kuwa, cutar da kanta ta riga ta zaburar da garkuwar jikinka, shi ya sa ba kasafai take sake kama mutum a watannin farko ba. Allurar da aka yi a wannan tsakanin ba ta da haɗari, amma ƙarin da take yi kaɗan ne. Idan aka ba da tazara, garkuwar ta fi amsawa da ƙarfi, kariyar kuma za ta fara ne daidai lokacin da ta cutar take raguwa.

Wannan jiran ba na kowa ba ne. Tsofaffi, masu juna biyu, da masu raunin garkuwa, irin wanda aka yi wa dashen ƙoda ko mai karɓar maganin daji, su tuntuɓi likitansu tun da wuri, don sau da yawa ba a sa su jiran wata ukun. Sharaɗin da ya hau kan kowa shi ne kada a je da ciwo a jiki: sai zazzaɓi ya sauka na awa 24 ba tare da shan maganin zazzaɓi ba, kuma kwanakin killace kai sun cika. Wanda cutar ko allurar baya ta jawo masa kumburin tsokar zuciya, shi kam sai da izinin likita.

Kada ka tsaya jiran gwajin PCR ya nuna babu cutar. Yana iya ci gaba da gano ɓurɓushinta har kwana 90 bayan mutum ya warke sarai, alhali ba ya yaɗa ta ga kowa.