Gurbin ɗan sanda na naira dubu 600

Tambaya: "'Yan uwa, wani a nan Katsina ya ce yana da gurbin kurtun ɗan sanda, naira dubu 600. In ba da rabi yanzu, rabi idan takardar ɗana ta fito. Shin in biya?"

Malam, kada ka ba shi ko sisi. Mu a gidanmu a Daura mun sha wannan ruwan, ɗan yayana aka yi wa, kuma da hannuna na kai kuɗin.

Namu mutumin ba baƙo ba ne, a majalisa muka san shi, kullum cikin shadda mai sitaci, waya biyu a hannu. Ya ce wani oga a Abuja ne aka ba gurabu biyar, saura ɗaya. Yaya ya sayar da sa ɗaya da buhunan gero, muka haɗa dubu 450. Ya ce a tura ta asusun wani mai cirar kuɗi a bakin kasuwa, wai oga ba ya son sunansa ya fito. Tun a nan ya kamata in farga, amma kunyar ido ta hana ni tambaya.

Bayan sati uku sai ga takarda a waya, da tambari da sa hannu da sunan yaron. Muka buga ta, har aka yi 'yar walima. Yaron ya yi aski, ya sayi farar riga da gajeren wando da takalmin gudu, ya hau mota zuwa makarantar horo. A bakin ƙofa jami'i ya bi jerin sunaye da yatsa har sau biyu, babu shi. Ya ce masa ya gode wa Allah da ba a tsare shi kan takardar jabu ba. Da ya dawo, kwana uku bai fita ko masallaci ba.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, takarda ba ta sa mutum aiki, suna a jeri ne ke sa shi. Kuma suna ba ya shiga jeri sai an bi matakai. Yaro zai cike fom a shafin da hukuma ta sanar, da lambarsa ta ɗan ƙasa, kyauta, in ban da abin da zai ba mai kafe. Sai a kira shi tantancewa a jiharsa, ya zo da kansa da takardun makaranta na asali da shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa. A nan ake auna tsawo, namiji kada ya gaza mita 1.67. Sai jarrabawar kwamfuta, sai gwajin lafiya, sannan sunaye su fito. Namu yaron ko sanda ba a taɓa jingina masa an auna shi ba. To ka tambayi ɗanka: ya cike fom? Yana da lambar da aka ba shi? An auna shi? In amsar a'a ce, babu abin da ake sayar maka sai iska.

In kuma ya cike, to nan ne wayon yake, kuma shi ne sirrin wannan "rabi yanzu, rabi daga baya" da ke kwantar maka da hankali. Ɗauka mutumin ya karɓi dubu 300 a hannun mutum 20, miliyan 6 ke nan. Bai yi komai ba, zama kawai ya yi yana jira. Cikin yaran, wataƙila biyu su ci da ƙoƙarinsu. Sai ya je gidajensu ya karɓi ciko, su kuma su zama masu yi masa talla: "Ai wane aikinsa yana ci." Sauran 18 a ce musu suna cikin rukuni na biyu, ko an canja oga, a ƙara haƙuri. Wanda ya fi tayar da jijiyar wuya a mayar masa da dubu 50 a rufe bakinsa. Na tabbata naka ma ya ambata maka sunan wani yaro da ya "shigar". Je ka bincika, za ka tarar yaron ya bi layin tantancewa kamar kowa.

Gwaji mai sauƙi: ce masa za ka ajiye kuɗin gaba ɗaya a hannun mai unguwa, ba za a taɓa ba sai yaro ya shiga horo. Nan take za ka ji gurbin yana rufewa gobe da safe. Ni ko hakan ba na ba ka shawarar yi da gaske, don sayen aiki shi kansa laifi ne, mai bayarwa ma bai tsira ba. Da wannan suke riƙe mutane, sun san da wuya ka kai ƙara.

In har ka riga ka ba da wani abu, kada ka goge saƙonninku, ka adana shaidar tura kuɗin, ka nemi sauran da aka karɓa a hannunsu ku kai ƙara tare, wajen 'yan sanda ko EFCC. Mu sai da muka haɗu mu bakwai aka kama namu. An yi zaman sulhu, ya sa hannu zai riƙa biya duk wata. Shekara biyu ke nan, dubu 120 muka gani, yaron kuma yana koyon gyaran babur a bakin tasha.